Ilimin uwa da rayuwar yaro: Abin da alƙaluman bincike suka faɗa da abin da ba su faɗa ba

A cikin kowaɗanne yara 1,000 da uwayensu mata ba su taɓa shiga makarantar boko ba, 170 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. A cikin yara 1,000 da uwayensu suka yi karatu gaba da sakandare kuwa, 56 ne ke rasuwa.

Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya na shekarar 2018, wanda aka fi sani da NDHS. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce ta gudanar da shi, kuma jami'ai, 'yan jarida da ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna kafa hujja da shi.

Duk wanda ya ga tazarar 170 da 56, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne: rashin karatun uwa ne ke kashe yaro, kuma da a ce an sa waɗannan mata makaranta, da mace-macen sun ragu da kashi biyu cikin uku.

Sai dai rahoton bai faɗi haka ba. Abin da ya nuna shi ne karatun uwa da rayuwar yaro suna tafiya tare. Ko ɗaya ne ke haddasa ɗayan, da kuma gwargwadon yadda yake haddasa shi, wata tambaya ce dabam, wadda masana suka shafe fiye da shekara 40 suna muhawara a kanta.

Bambancin ba na ƙa'idar lissafi kawai ba ne. Gwamnatin jihar da ke da kuɗin aiki ɗaya tak, ko dai ta gina azuzuwa ko ta gyara ɗakin shan magani ko ta haƙa rijiyar burtsatse, tana buƙatar sanin wanne ne zai ceci rai. Uwar da ta binne ɗanta ma tana da haƙƙin kada a ɗora mata laifin da alƙaluman ba su tabbatar ba.

Yadda ake samo alƙaluman

Tsakanin watan Agusta da Disambar 2018, ma'aikatan binciken sun shiga gidaje sama da 40,000 a jihohi 36 da Abuja, suka zanta da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49.

An tambayi kowace mace jerin haihuwar da ta yi tun daga ɗan fari: yaushe aka haifi yaron, yana raye ko ya rasu, idan ya rasu yana da wata nawa ko shekara nawa. Daga waɗannan amsoshi aka lissafa cewa a faɗin ƙasar yara 132 cikin 1,000 ne ke rasuwa kafin shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin takwas.

An kuma tambaye ta matakin da ta kai a makaranta: firamare, sakandare, gaba da sakandare, ko ba ta shiga ba. An rubuta inda take zaune, irin ruwan da gidan ke sha, irin makewayin da suke amfani da shi, da kayan da suka mallaka.

Bayan haka sai aka kasa matan rukuni-rukuni, aka ƙirga mace-macen yara a kowane rukuni. Iyakar abin da aka yi ke nan. Ba wanda ya ɗauki wasu 'yan mata ya sa su makaranta, ya bar wasu a gida, sannan ya jira shekara 20 ya ga abin da zai faru da 'ya'yansu. An tarar da mutane ne a yadda rayuwa ta riga ta rarraba su, aka ɗauki hotonsu.

Matsalar ita ce rayuwa ba ta raba mutane da ƙuri'a. Yarinyar da ta kai jami'a da wadda ba ta taɓa ganin aji ba sun bambanta ta fuskoki da yawa tun kafin a zo maganar makaranta.

Sauran layukan da ke cikin jadawalin

Wanda ya ci gaba da karanta rahoton zai ci karo da wasu alƙaluman masu kama da na farko.

A gidajen da suka fi talauci, yara 173 cikin 1,000 ne ke rasuwa, a gidajen da suka fi wadata kuma 53. A karkara 157, a birane 92. A shiyyar Arewa maso Yamma 187, a Kudu maso Yamma 62.

Idan aka ɗauki kowane layi shi kaɗai, za a iya rubuta kanun labari huɗu: rashin karatu na kashe yara, talauci na kashe yara, zaman ƙauye na kashe yara, zama a Arewa maso Yamma na kashe yara. Amma galibi mata ɗaya ake ƙirgawa sau huɗu. Matar da ba ta yi boko ba, sau da yawa ita ce mai zama a ƙauye, ita ce ke cikin gidan da ba shi da hali, ita ce kuma asibiti ya yi wa nisa.

Don haka idan ɗanta ya kamu da gudawa ya rasu, jadawalin ba zai iya nuna ko rashin iya karanta takardar magani ne sanadi ba, ko ruwan rafin da suke sha, ko rashin kuɗin mota zuwa asibiti, ko dukkansu a haɗe.

Masu nazarin ƙididdiga suna kiran irin wannan da abu na uku, wato wani dalili da ke tsaye a bayan abubuwa biyu yana jan su tare. Misalin da kowa ya sani shi ne na damina. Lokacin da ɗanyar masara ta cika kasuwa, a watan Agusta da Satumba, lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci da yara. Da za a yi bincike wata-wata, za a tarar cewa cin gasasshiyar masara da zazzaɓi suna hawa tare suna sauka tare. Ruwan sama ne ya kawo su duka: shi ya raya masarar, shi ya tara kududdufin da sauro ke hayayyafa a ciki. Hana yara cin masara ba zai rage zazzaɓin ko ɗaya ba.

Misali da lissafi

Ga yadda tazara ke iya fitowa ko da karatun bai yi komai ba. Alƙaluman da ke tafe ƙirƙirarru ne don a ga yadda lissafin ke aiki, ba daga wani rahoto aka ɗauko su ba.

A ce akwai wata jiha da aka bibiyi yara 2,000 a cikinta, 1,000 a babban birni, 1,000 a ƙauyuka. A birnin akwai famfo da asibiti kusa, don haka yara 80 cikin 1,000 ne ke rasuwa. A ƙauyukan babu waɗannan, don haka 160 ne ke rasuwa. A ce kuma karatun uwa ba ya ƙara komai ba ya rage komai: a birni haɗarin ɗaya ne ga kowane yaro, a ƙauye ma haka.

A birnin, yara 800 uwayensu sun yi makaranta, 200 ba su yi ba. Tun da haɗarin takwas ne cikin 100, rukunin farko zai rasa yara 64, na biyu 16.

A ƙauyukan abin ya juye: yara 200 ne uwayensu suka yi makaranta, 800 ba su yi ba. Haɗarin 16 ne cikin 100, don haka rukunin farko zai rasa yara 32, na biyu 128.

Yanzu a haɗa jihar baki ɗaya, kamar yadda jadawalin rahoto ke yi. 'Ya'yan matan da suka yi makaranta su 1,000 ne, sun rasa 64 da 32, wato 96. 'Ya'yan waɗanda ba su yi ba su ma 1,000 ne, sun rasa 16 da 128, wato 144.

Ga tazara ta fito: 144 da 96. Mai karanta jadawalin zai ce rashin karatun uwa ya ƙara haɗarin mutuwar yaro da rabi. Alhali tun farko an gina misalin ne a kan cewa karatun bai taɓa ran yaro ko ɗaya ba. Wurin zama ne ya yi aikin gaba ɗaya, karatun ya dai zo tare da shi.

Wannan misali ya kuma nuna hanyar kama matsalar. Maimakon a kwatanta duk masu karatu da duk marasa karatu, sai a kwatanta su a cikin ƙauye kawai, sannan a cikin birni kawai. A ƙauye 32 cikin 200 daidai yake da 128 cikin 800. Tazarar ta ɓace. Da a ce bayan an raba su haka an ga har yanzu 'ya'yan masu karatu sun fi rayuwa a ƙauye ɗaya, to da an samu dalilin ci gaba da zargin cewa karatun na da hannu.

Abin da ya faru da aka gwada da alƙaluman gaske

A Najeriya muhawarar ta samo tushe. A shekarar 1979 wani masanin yawan jama'a ɗan ƙasar Ostireliya, John Caldwell, ya wallafa nazari a kan bayanan da aka tattara a Ibadan da sassan Kudu maso Yamma. Ya kammala da cewa karatun uwa shi ne abin da ya fi tasiri a kan rayuwar yaro, ko bayan an yi la'akari da wasu halaye na gidan. A ganinsa, makaranta na sauya yadda mace ke kallon cuta, tana ba ta ƙarfin yin magana da ma'aikacin lafiya, tana kuma ƙara mata ta-cewa a cikin gida. Nazarin ya yi tasiri sosai a kan manufofin raya ƙasa a duniya.

Bayan shekara 19, a 1998, wasu masu bincike biyu, Sonalde Desai da Soumya Alva, suka ɗauki irin wannan binciken na gida-gida daga ƙasashe 22 masu tasowa, suka yi abin da misalin sama ya nuna. Da farko sun ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin karatun uwa da lafiyar yaro. Sai suka shigar da karatun miji, ruwan famfo da makewayi cikin lissafin, alaƙar ta ragu. Da suka kwatanta matan da ke zaune a yanki ɗaya, ta sake raguwa, har ya zama a ƙasashe ƙalilan ne kawai aka iya cewa karatun na da tasiri a fili a kan mutuwar jarirai.

Akwai abu ɗaya da ya fi jure wa gwajin: rigakafi. A kusan rabin ƙasashen, matan da suka yi makaranta sun fi kai 'ya'yansu allurar rigakafi, ko da an kwatanta su da maƙwabtansu masu hali iri ɗaya.

Wannan bai nuna cewa karatun 'ya mace ba shi da amfani ga ɗanta ba. Ya nuna cewa babban kaso na tazarar da ake gani a jadawali na abubuwan da ke rakiyar karatun ne.

Inda shi ma gyaran ke kuskure

Raba mutane rukuni-rukuni ba ya kashe maganar, saboda dalilai biyu.

Na farko, abin da aka tambaya kaɗai ake iya cirewa daga lissafi. Takardar binciken ta san ko gida na da rediyo ko babur. Ba ta san irin mahaifin da ya dage sai 'yarsa ta gama sakandare alhali duk ƙauyen na aurar da nasu ba. Mai yiwuwa irin wannan gidan dama ya fi kula da tsafta, ya fi saurin kai mara lafiya asibiti, kuma 'yar da ta tashi a cikinsa za ta yi haka ko ba ta shiga aji ba. Ba ta kuma san lafiyar ita uwar tun tana ƙarama ba, alhali yarinyar da ta taso da ciwo ko yunwa ta fi saurin barin makaranta, ta kuma fi fuskantar wahalar haihuwa.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Wani lokaci abin da aka cire shi ne ainihin hanyar da karatun ke bi ya yi aikinsa. Idan makaranta ce ta sa mace ta samu aikin koyarwa, albashin ya sa ta iya sayen magani da kai yaro asibiti, to wadatar gidan ɗiyar karatun ce. Mai binciken da ya cire wadata daga lissafi, ya ce ga shi karatu ba ya komai, ya yanke reshen ne sannan ya zargi bishiyar da rashin 'ya'ya.

Jadawalin NDHS ba zai iya warware wannan da kansa ba. Ana auna wadatar gida ne da kayan da aka tarar a ranar da aka yi hirar, yayin da wasu mace-macen da ake ƙirgawa sun faru shekaru da dama kafin nan. Ba a san halin da gidan ke ciki a ranar da yaron ya kwanta ciwo ba.

Wane ne ya riga wani?

Akwai wani tarkon, inda alaƙar gaskiya ce amma an juya ta baibai.

A yankunan da yawancin mata ke haihuwa a gida, bincike na iya nuna cewa jariran da aka haifa a asibiti suna mutuwa daidai da na gida, ko ma fiye. Mai karatu zai iya ɗauka cewa asibiti ba shi da amfani, ko ma yana da haɗari. Amma a irin waɗannan wurare, mata da yawa ba a ɗaukar su zuwa asibiti sai naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama su. Haɗarin ne ya kai su asibitin. Haihuwar da ta zo da sauƙi an gama ta a ɗaki, an rubuta ta a layin gida.

A batun karatun uwa wannan tarkon bai cika tasiri ba, domin galibin mata sun gama ko sun bar makaranta kafin su haifi yaran da ake ƙirgawa. Mutuwar yaro a bana ba za ta koma baya ta hana uwarsa shiga firamare ba. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa masana ba su yi watsi da zancen Caldwell ba. Amma a wasu sakamakon, kamar alaƙar shayar da nono da lafiyar jariri, dole a tsaya a tambaya: yaron ya yi ciwo ne don an daina ba shi nono, ko ya daina kama nono ne don ciwo ya riga ya kama shi? Hirar da aka yi rana ɗaya ba kasafai take iya jera abubuwan a kan lokacinsu ba.

Darasin da ya zo da tsada

Fannin likitanci ya taɓa biyan farashin wannan kuskure. A 1976 aka fara wani babban bincike a Amurka, inda ma'aikatan jinya mata fiye da 120,000 ke cike takardar tambayoyi duk bayan shekara biyu. Sakamakonsa ya nuna cewa matan da suka daina al'ada, waɗanda ke shan maganin maye gurbin sinadaran jikin mace, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar sauran. Likitoci suka riƙa rubuta wa mata maganin da fatan kare zuciyarsu.

Daga baya aka yi gwaji na haƙiƙa a kan mata 16,608. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suna shan maganin, rabi suna shan ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. A watan Yulin 2002 aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, saboda masu shan maganin sun fi kamuwa da sankarar mama, kuma ciwon zuciya bai ragu ba, ya ma ɗan ƙaru.

Har yanzu masana na tattauna rawar da shekarun matan suka taka a wannan saɓani. Amma ɗaya daga cikin bayanan da aka fi yarda da su shi ne, matan da ke neman maganin da kansu dama sun fi hali, sun fi ganin likita, sun fi kula da jikinsu. Yawan mutanen da aka tambaya bai kare binciken farko daga wannan ba. Yawa na rage kuskuren da ke zuwa ta dace, amma ba ya kawar da abu na uku.

Ƙuri'a ce sirrin gwajin. Idan ƙuri'a ce ta raba mutane, to mai kuɗi da talaka, mai tsafta da mara kula, duk za su watsu daidai a ɓangarorin biyu, har da halayen da ba wanda ya yi tunanin tambaya. Abin da ya rage ya bambanta su shi ne maganin.

Lokacin da tarihi ya jefa ƙuri'ar

Ba wanda zai yarda a hana wasu yara makaranta don gwaji. Saboda haka masu bincike kan nemi lokacin da wata doka ta raba mutane ba da zaɓinsu ba.

Najeriya na da irin wannan. A watan Satumbar 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yankin Yamma ya riga ya fara nasa tun 1955 a zamanin Obafemi Awolowo, don haka sauyin ya fi girma a sauran sassan ƙasar. Yarinyar da shirin ya tarar tana shekarun shiga firamare ta samu damar da yayarta da ta girme ta da 'yan shekaru ba ta samu ba. Shekarar haihuwa da jihar da aka tashi ne suka raba su, kuma ba wanda ke zaɓar waɗannan.

Masu bincike biyu, Una Osili da Bridget Long, sun yi amfani da wannan a nazarin da suka wallafa a 2008. Sun gano cewa ƙarin shekara ɗaya a makaranta ya rage yawan haihuwar da mace ke yi kafin ta kai shekara 25 da kimanin 0.26, wato kusan haihuwa ɗaya ga kowaɗanne mata huɗu. A kan haihuwar wuri nazarin ya tsaya, bai auna mutuwar yara ba.

A Zimbabuwe aka auna wannan. Bayan samun 'yancin kai a 1980, an buɗe ƙofar sakandare ga baƙaƙen fata da a da aka tauye. Karen Grépin da Prashant Bharadwaj sun kwatanta matan da sauyin ya tarar suna ƙanana da waɗanda ya tarar sun wuce shekarun shiga. A nazarinsu na 2015 sun ƙiyasta cewa haɗarin mutuwar 'ya'yan matan da sauyin ya amfana ya yi ƙasa da na 'ya'yan matan da suka ɗan girme su da kusan kashi 21 cikin 100.

Irin wannan hujjar ta fi ta jadawali ƙarfi, amma ita ma tana da iyaka. Tana magana ne a kan matan da sauyin dokar ya shafa, a ƙasarsu da zamaninsu. Nazarce-nazarce makamantan wannan a wasu ƙasashen sun samu tasiri ƙarami, wasu ba su ga tasiri a fili a kan mutuwar yara ba. Shekara ɗaya a makarantar da ke koyarwa, a garin da ke da asibiti, ba daidai take da shekara ɗaya a ajin da ba malami, a ƙauyen da ko uwa ta gane alamun ciwo ba ta da inda za ta kai yaron ba.

Yadda za a karanta sakamako na gaba

Idan aka tattara duka, abin da hujjojin ke ɗauka shi ne karatun uwa na da hannu a rayuwar yaro, musamman ta hanyar rigakafi da jinkirta haihuwar fari, amma bai kai girman tazarar 170 da 56 ba. Sauran tazarar na talauci ne, da ruwa, da nisan asibiti, da abubuwan da takardar tambaya ba ta kama ba.

Kalmomin rahoto su ne wurin farko da ya kamata mai karatu ya duba. Masu rubuta irin waɗannan rahotanni kan ce abu ya fi yawa a wani rukuni, ko yana da alaƙa da wani abu. Sau da yawa a hanyar zuwa kanun labari ko saƙon waya ne kalmar ke rikiɗewa ta koma "yana haddasa" ko "yana hana".

Daga nan sai ya tambayi yadda mutanen suka shiga rukunin da aka sa su. Idan su ne suka zaɓa, ko halin gidansu ne ya zaɓa musu, to da wuya a ce abu ɗaya kawai ya bambanta su. Sai ya duba ko an kwatanta masu kama da juna, ƙauye da ƙauye, talaka da talaka, da kuma abin da ya rage na tazarar bayan an yi hakan. Sai kuma ya tabbatar wanne ne ya riga faruwa.

Duk da haka, alaƙa ba abin yarwa ba ce. Ko ba a san sanadi ba, jadawalin ya nuna inda mace-macen suka taru, kuma wannan ya isa a san ƙofar da ma'aikaciyar rigakafi ko motar asibiti ya kamata ta fara tsayawa. Alaƙar shan taba da sankarar huhu ma daga irin waɗannan tambayoyi ta fito fili a shekarar 1950, kafin wasu hujjoji daga ɓangarori dabam-dabam su taru su tabbatar da ita.

Yarinyar da aka sa firamare a bana, sai nan da shekara 15 ko 20 karatunta zai isa ga ɗanta. Yaron da ke kwance da gudawa a wannan daminar kuwa, ruwan gishiri da sukari, tsaftataccen ruwan sha da ɗakin shan magani mai ma'aikaci yake buƙata, ko uwarsa ta yi boko ko ba ta yi ba. Jihar da ta karanta 170 da 56 a matsayin labarin makaranta kaɗai za ta iya gina azuzuwa, ta bar wannan yaron a inda yake.